An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Dalilin da Haruffanmu Ke Rikiɗa a Cikin PDF

'Yan uwa malamai, akwai wata matsala da ke dawo mana duk ƙarshen zango, daidai lokacin da ake buga takardun jarrabawa. Malami zai tsara tambayoyinsa a Word, ya duba su tsaf, a mayar da fayil ɗin PDF, a kai shagon buga takardu. Sai an raba wa yara takardu a ga inda aka rubuta “ƙasa” ya koma “}asa”, “ɗalibi” ya koma “]alibi”, ko kuma wani ɗan akwati ya zauna a gurbin harafi. Daga nan sai neman mai laifi. Wasu su ce mai shago ne bai iya aikinsa ba, wasu su ce cutar kwamfuta ce ta shiga filashi, shugaban makaranta kuma ya kira malamin ya tambaye shi dalilin da bai duba aikinsa ba. Sau da yawa kuɗin sake bugawa daga aljihun malamin suke fita.

Ra'ayinmu shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Wannan matsala tana da sanadi sananne, tana da alamun da ake gane ta da su, kuma maganinta bai wuce aikin minti biyar ba idan an yi shi a wurin da ya dace. Maganin shi ne a cusa salon rubutun a cikin fayil ɗin kansa, ya yi tafiya da guzurinsa, ba sai ya je yana roƙo a kwamfutar wasu ba. Muna ganin lokaci ya yi da za mu mayar da wannan ƙa'idar aiki a makarantunmu.

Kafin a fahimci maganin, sai an san abin da kwamfuta ke ajiyewa idan muka danna harafi. Ba surar harafin take ajiyewa ba, lamba take ajiyewa. A tsarin Unicode, wanda duniya ta amince da shi, kowane harafi yana da lambarsa: ƙaramin ƙ yana da U+0199, ɗ yana da U+0257, ɓ yana da U+0253. Surar da ido ke gani kuwa tana cikin wani fayil dabam, wanda allon Word ke kira Font, mu kuma za mu kira shi salon rubutu. Times New Roman salo ne, Arial salo ne, Calibri ma haka. Kowane salo kamar akwatin hatimai ne, an jera su bisa lamba. Word ya ga lamba, ya buɗe akwatin, ya ɗauko hatimin da ke wannan gurbi ya buga a shafi.

Abin lura a nan shi ne fayil ɗin Word, a yadda aka saba ajiye shi, lambobin haruffa da sunan akwatin kawai yake ɗauka. Akwatin kansa yana nan zaune a kwamfutar da aka yi rubutun. Idan fayil ya isa wata kwamfuta da ba ta da wannan akwati, Word ba zai tsaya ya yi gargaɗi ba, sai ya ɗauko wani akwati da yake ganin ya yi kusa ya ci gaba da bugawa. Idan hatiman akwatunan biyu suna gurbi ɗaya, canjin ba zai wuce na kamanni ba. Idan kuwa gurabensu sun saɓa, nan ne ake ganin baƙin alamomi.

Mu masu rubuta Hausa wannan ya fi shafa, kuma akwai dalili na tarihi. Kafin Unicode ya wadatu a kwamfutocinmu, babu hanya mai sauƙi ta rubuta haruffa masu lanƙwasa. Sai masana suka ƙirƙiro salo na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar a shekarun 1990, kuma sun yi wa rubutun Hausa hidima mai yawa. Dabarar irin waɗannan salo ita ce a ari gurbin wata alama da Hausa ba ta cika buƙata ba a zana harafi mai lanƙwasa a ciki. A wani tsarin an zana ƙ a gurbin }, ɗ a gurbin ], ɓ a gurbin ~. A wani tsarin kuma gurbin q da x da v aka ara. Saboda haka malamin da ke ganin “ƙasa” a allonsa, abin da ke ajiye cikin fayil ɗinsa shi ne “}asa” ko “qasa”. Salon ne kawai ke sa wa alamar riga. Ranar da aka rabu da salon, rigar ta faɗi, ainihin abin da aka ajiye ya bayyana. Babu abin da ya lalace a fayil ɗin, kuma babu cutar da ta shiga.

To ina amfanin PDF, tun da an ce shi ba ya canzawa? Kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993 domin takarda ta fito iri ɗaya a kowace na'ura, kuma yana iya cika wannan alkawari ne saboda yana da wurin ɗaukar surorin haruffa a cikinsa. Amma samun wurin dabam, cika shi dabam. Akwai PDF da ke ɗauke da surorin, akwai wanda sunan salon kawai ya ɗauka, ya dogara ga abin da zai tarar a can. Daga waje ba a bambanta su, domin sunansu ɗaya, alamarsu ɗaya.

Bari mu bi misali guda daki-daki. A ce malamar Hausa ta aji huɗu ta tsara tambayoyi 20 da ɗaya daga cikin tsofaffin salon nan, za a buga kwafi 180 domin azuzuwa uku. Tambaya ta bakwai tana cewa: “Yi jimla da kowace kalma domin nuna bambancinsu: baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari.” Duk darajar tambayar tana kan lanƙwasar nan. Akwai hanyoyi uku da takardar za ta iya bi zuwa firinta.

Hanya ta farko, malamar ta sa fayil ɗin Word a filashi ta kai shago, mai shago ya buɗe a kwamfutarsa ya mayar da shi PDF a can. Kwamfutarsa ba ta da salon, don haka tun lokacin buɗewa Word ya riga ya musanya shi da wani. PDF ɗin da zai fito lafiyayye ne ta kowace fuska, har ma yana iya ɗaukar surorin haruffa a cikinsa, sai dai surorin salon da aka musanya ne. Yara za su karanta “baki da ba}i, kafa da }afa, bari da ~ari”. Wannan ita ce hanyar da aka fi bi, kuma ita ce ke nuna iyakar maganin: cusawa tana adana abin da kwamfutar ke da shi ne a lokacin da aka yi ta. Ba ta dawo da abin da ya riga ya ɓace.

Hanya ta biyu, malamar ta yi PDF ɗin a kwamfutarta, amma surorin ba su shiga ba, ko dai saboda salon yana ɗauke da lasisin da ya hana cusa shi, ko saboda manhajar da ta yi amfani da ita ba ta cusa ba. Wannan ta fi yaudara. Idan ta buɗe PDF ɗin a gida za ta gan shi daidai, domin manhajar karantawa za ta ari salon daga kwamfutar. Sai an isa shago, inda babu abin ara, matsalar ta fito. Wani lokaci ma abin ya fi muni, domin a wasu fayilolin PDF ba lambar harafi ake rubutawa ba, lambar gurbin hatimi a cikin wannan akwati takamaimai ake rubutawa. Idan aka kai irin waɗannan lambobi ga wani akwati, layi sukutum na iya komawa ɗige-ɗige ko tarkacen alamomi, har da haruffan da ba su da lanƙwasa.

Hanya ta uku ita ce daidai. Malamar ta yi PDF ɗin a kwamfutar da ta yi rubutun, ta tabbatar surorin sun shiga, sannan ta kai PDF ɗin kaɗai. Ga yadda ake yi a Word na Windows. A danna File, sannan Save As, a zaɓi PDF a wurin Save as type. Kafin a danna Save, a buɗe Options. A ƙasan akwatin da zai fito akwai PDF/A compliant, wanda tsofaffin Word ke rubutawa ISO 19005-1 compliant. A sa masa alama. PDF/A nau'i ne da aka tsara a 2005 domin adana takardu na dogon lokaci, kuma cikin sharuɗɗansa akwai cewa dole kowane salo da aka yi amfani da shi ya kasance a cikin fayil ɗin. Wanda bai zaɓi wannan ba, ya tabbatar akwai alama a Bitmap text when fonts may not be embedded, wanda ke sa Word ya mayar da rubutun hoto idan lasisin salon ya hana cusawa, maimakon ya musanya shi da wani.

Gani ya kori ji, don haka kada a tsaya ga zato. A buɗe PDF ɗin da Adobe Acrobat Reader, a danna Ctrl+D, a shiga shafin Fonts. Za a ga jerin duk salon da ke cikin takardar. Wanda aka rubuta Embedded ko Embedded Subset a gaban sunansa ya shiga. Wanda ba a rubuta komai a gabansa ba, sai layin Actual Font a ƙarƙashinsa, aro ake yi, kuma shi ne zai ba da kunya a shago. Idan ba a da wannan manhaja, a tura PDF ɗin zuwa wayar hannu a buɗe shi a can. Waya ba ta da tsofaffin salon Hausa, saboda haka idan “baƙi” ya fito daidai a kanta, alama ce mai ƙarfi cewa surar tana cikin fayil ɗin. A duba tambaya ta bakwai musamman, ba kan takarda kaɗai ba.

Kalmar Subset tana da ma'ana da ya kamata mu sani. Ba akwatin duka ake cusawa ba, hatiman da aka yi amfani da su a takardar kawai ake ɗauka. Shi ya sa fayil ɗin ba ya yin nauyin da zai hana tura shi ta waya. Amma shi ya sa kuma bai kamata a ce wa mai shago ya gyara kuskure a cikin PDF ɗin ba. Idan babu babban Ɗ a ko'ina cikin takardar, surarsa ba ta shiga ba, kuma duk wanda ya yi ƙoƙarin ƙara shi a can zai gamu da musanya. Gyara a Word ake yinsa, a kwamfutar asali, sannan a sake fitar da sabon PDF.

Akwai lokacin da dole fayil ɗin Word ne zai yi tafiya, misali idan shugaban makaranta ko kwamitin jarrabawa zai duba ya yi gyara. Nan ma akwai cusawa, amma wurinta dabam. A shiga File, Options, Save, a sa alama a Embed fonts in the file. A ƙarƙashinsa akwai Embed only the characters used in the document. Idan wani zai ƙara rubutu, a bar wannan babu alama, domin duk haruffan salon su tafi tare. Mutane da yawa suna rikita wannan da na PDF, alhali aikinsu ba ɗaya ba ne: wannan yana kare fayil ɗin Word a hanyarsa zuwa wata kwamfuta, wancan yana kare takardar da aka gama. Sannan ba kowace manhaja ce ke amfani da salon da aka cusa a fayil ɗin Word ba, musamman na waya, don haka kariyarsa ba ta kai ta PDF ba.

Idan an bi duk wannan salon ya ƙi shiga, sai a duba lasisinsa. A buɗe `C:\Windows\Fonts`, a danna salon da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Properties, sannan Details, a nemi layin Font embeddability. Idan an ga Installable ko Editable, babu matsala. Idan izinin na dubawa da bugawa ne kawai, zai wadatar ga PDF amma ba ga gyara ba. Idan an ga Restricted, mai salon ya hana, kuma babu dannawar da za ta canza hakan. Sai dai a sauya salo, ko a yarda rubutun ya zama hoto.

Akwai wata alama kuma da ba ta tsofaffin salo ba ce, wato ɗan akwatin da ke zama a gurbin harafi, ko harafi guda da ya fita dabam da 'yan uwansa a tsayi da kauri. Wannan na faruwa ne idan an rubuta ƙ na gaskiya da lambarsa ta Unicode, amma salon da aka zaɓa ba shi da surarsa sam. Salon ƙawa da muke so domin kan takarda da katin sakamako su suka fi yin haka. Malaman lissafi ma suna gamuwa da shi a alamar naira, ₦, wadda ba kowane salo ke da ita ba. A nan cusawa ba za ta ƙirƙiro abin da babu ba. Haka kuma alamar “daidai” da ake ɗaukowa daga Wingdings, a gurbin harafin ü take zaune, shi ya sa takan koma ü idan salon ya ɓace. Wanda ya riƙe waɗannan alamu zai gane ciwon da kallo ɗaya: } ko q a tsakiyar kalma na nufin tsohon salo ya ɓace, akwati na nufin salon ba shi da harafin, layin da ya watse duka kuma na nufin PDF ne ya tafi babu guzuri.

Za a iya cewa wannan ba aikin malami ba ne, aikin mai shago ne, tun da shi ake biya. Muna girmama wannan magana, amma misalin da muka bi ya amsa ta. Cusawa ba ta yiwuwa sai a kwamfutar da ke da salon, kuma wannan kwamfuta tamu ce ko ta makaranta. Mai shago, duk ƙwarewarsa, ba zai cusa abin da ba shi da shi ba. Wasu kuma sukan ce ai yara za su gane, ko kuma a gyara a allo ranar jarrabawa. Babba da ya daɗe yana karatu zai gane “}afa” daga ma'anar jimla. Yaron aji biyu ko uku da muka shafe zango muna koya masa cewa k dabam, ƙ dabam, ba shi da wannan gogewa, kuma tambayar da aka shirya domin auna wannan bambanci ta rushe tun kafin ya ɗauki fensir. Makin da ya rasa a nan ba nasa ba ne kuskuren, amma a katinsa za a rubuta shi.

Sai dai mu faɗi gaskiya, cusawa tana gyara abin da ido ke gani ne kawai. Idan aka kwafi “ƙasa” daga PDF ɗin da aka yi da tsohon salo aka liƙa a wani wuri, galibi “}asa” ne zai fito, kuma wanda ya nemi kalmar “ƙasa” a cikin fayil ɗin ba zai same ta ba. Maganin dindindin shi ne mu koma rubuta haruffan na gaskiya. A Word, idan aka rubuta U+0199 aka danna Alt+X nan take, sai ya zama ƙ. Haka U+0257 zai ba da ɗ, U+0253 ya ba da ɓ, manyansu kuma su ne U+0198 da U+018A da U+0181. Times New Roman da Arial na Windows na zamani suna da su. Akwai kuma salo na kyauta daga SIL, irin su Charis SIL da Andika, waɗanda lasisinsu ya yarda a cusa su. Andika an zana shi ne musamman domin masu koyon karatu, don haka ya dace da takardun ƙananan azuzuwa.

Tsofaffin tambayoyin da muka tara shekara da shekaru ma ba asara ba ne. Da Ctrl+H za a iya musanya } da ƙ a duk takardar lokaci guda, a bi sauran haruffa biyar ɗin haka, sannan a zaɓi rubutun duka a sauya salo. Masu tsarin q da x da v su sa alama a Match case domin manya da ƙanana kada su cakuɗe, su kuma yi hattara da takardun da ke da Turanci ko lissafi a ciki, domin x na lissafi ma zai koma ɗ idan aka danna Replace All ba tare da dubawa ba.

Saboda haka muna ba da shawarar abubuwa uku ga kowace makaranta a wannan reshe. Kada takardar jarrabawa ta fita zuwa shago sai a matsayin PDF da aka yi a kwamfutar da aka rubuta ta. Malamin da ke kula da jarrabawa ya buɗe shafin Fonts ya ga Embedded a gaban kowane suna kafin ya amince. Sannan a buga kwafi ɗaya tak a shagon, malamin darasin ya karanta shi, kafin a saki sauran 179. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a gwada waɗannan matakai tun tsakiyar zango da gwajin mako, lokacin da kuskure ba ya cin kowa komai. Duk malamin da ya iya, ya zauna da abokan aikinsa biyu ko uku ya nuna musu a kwamfutar makaranta kafin jarrabawa mai zuwa.